Lamba sai da izinin mai ita

Jama'ar Arewa, mai sayar da iri da taki a Dogon Dutse ko Tibiri, in zai tara lambobin abokan ciniki, sai ya tambayi kowa tukuna: «Malam, in riƙa aiko maka da farashi?» In ya amince, a rubuta sunansa da ƙauyensa da kayan da yake saye.

Jerin aikawa na WhatsApp mutum 256 yake ɗauka, kuma saƙo ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka. Don haka ya ajiye ta tun yana gabanka.

Saƙon murya ɗaya a jajiberin kasuwa ya isa: irin wake ya iso, tiya kaza. Wanda ya ce a daina, a cire shi nan take.