Bashin Ciniki: Iyaka, Rubutu da Bibiya

 

Ƴan'uwa masu saurare, a watan azumi ne masu shaguna suka fi bayar da sukari, shinkafa da mai bashi. Taimako ne mai lada, amma mun sha ganin shago ya mutu bayan Salla, zumunci kuma ya bi shi, saboda an bayar babu iyaka, babu rubutu. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ita ce ta umurce mu da rubuta bashi da ajalinsa. Saboda haka wanda aka ce a rubuta masa kada ya ce an raina amanarsa.

Mu ɗauki mai shagon da jarinsa jika ɗari biyar ne. Tun kafin ganin wata ya yanke cewa abin da ke hannun mutane ba zai wuce jika ɗari ba, domin sauran ya ishe shi saro kaya. Sannan ya yi wa kowa iyaka daidai da abin da zai iya biya lokaci guda. Maƙwabcinsa ma'aikaci, alal misali, jika goma sha biyar zuwa ranar albashi. Idan ya kai nan, ba ƙari sai ya biya na baya.

A cikin kaye kowa da shafinsa: ranar ɗauka, irin kaya, yawansa, kuɗinsa da ranar biya. Kada a rubuta "sukari kilo biyar" kawai, domin in farashi ya tashi kafin Salla, gardama ce za ta biyo baya. A karanta wa mai ɗauka, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. In yaro aka aiko, a rubuta sunan yaron. Abin da aka biya kuma a rage shi nan take a gaban mai biya.

Sai bibiya. A ware rana guda a mako ta duba kaye. Saura kwana uku ajali ya cika, a tuna wa mutum cikin sirri, ba a gaban jama'a ba. In ya saɓa, a dubi halinsa. Mai ƙunci a yi masa jinkiri, a raba masa biyan kaɗan-kaɗan, ba tare da ƙara ko dala ba, domin ƙari saboda jinkiri riba ce. Wanda kuwa yake da shi amma yake ja, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira wannan zalunci. Shi a rufe masa shafi, a kai maganar gaban dattijon da yake jin nauyi.

In ka ga kaye yana cika, kanta tana ragewa, ka tsaya da bayarwa tun kafin mai ba ka sari ya tsaya da kai.

Allah Ya biya mana basussukanmu, Ya karɓi azuminmu.