Tabaran Karatu Na Bakin Titi: Inda Yake Da Amfani Da Inda Yake Cutarwa



Zan fara da wani tela da ya zo ɗakinmu na duba ido. Shekarunsa 48. Ya zauna, ya kwance bakin leda, ya zube tabarau uku a kan tebur, ɗaya an ɗaure ƙafarsa da zare. Takardar lamba na manne a jikin kowanne: +1.50, +2.50, +3.50. Duk cikin shekara biyu ya saye su a tire, a bakin kasuwa. Ya ce: "Likita, tabarau ne ya cinye mini ido."

Na ce masa ba tabarau ba ne. Wannan nake so mu fara gyarawa, domin mutane da yawa suna gudun abin da zai taimake su. Daga wajen shekara 40, madubin da ke cikin ido yakan fara taurarewa, ya daina lanƙwasawa don ganin abu na kusa. Sai zare ya ƙi shiga kafar allura, mai karatun Alƙur'ani ya riƙa nesanta shi da fuskarsa. Girma ne ya kawo haka. Tabaran karatu yana cike giɓin ne kawai, ba ya raunana ido. Yawanci ɗan shekara 45 yana buƙatar +1.00 zuwa +1.50, ɗan 50 wajen +2.00, ɗan 60 wajen +2.50. Wani bincike da aka buga a 2018 kan masu tsinkar ganyen shayi a Assam ta Indiya ya nuna waɗanda aka ba irin wannan tabarau aikinsu ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin ɗari. Don haka ni ba na goyon bayan a kori masu tire. A ƙauyuka da yawa, in babu su babu kowa.

Wa ya dace ya saya? Wanda ya haura 40, yake ganin nesa tangaran, kuma idanunsa biyu ƙarfinsu ɗaya. Ya tafi da abin da yake karantawa, ya riƙe shi a tazarar santimita 40, kusan kamu ɗaya, ya ɗauki mafi ƙarancin lambar da ta wadatar da shi. Mutanenmu sukan zaɓi mafi ƙarfi saboda harafi ya fi fitowa ɓaro-ɓaro. Amma +3.50 yana tilasta wa dattijo ya kawo takarda kusan santimita 29 daga fuska, sai wuya ta ƙage, kai ya ɗau ciwo. Haka kuma an ƙera tabaran tire ne da lamba ɗaya a idanu biyu, da tazara ɗaya tsakanin tsakiyar gilasan, alhali fuskoki sun bambanta. Idan tsakiyar gilashi ba ta dace da ƙwayar ido ba, ido yakan gaji ko a ga abu biyu-biyu, kuma abin yana ƙaruwa da girman lamba. Wannan wahala ce da ke wucewa da zarar an cire shi. Kada dai a tuƙa mota ko babur da shi, kuma ba na yara ba ne sam.

Cutarwar da ke tayar mini da hankali ita ce jinkiri. Na sa telan nan ya rufe idon dama da tafin hannu. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Innalillahi, ai ba na ganin komai sai tsakiya." Bai taɓa gwada haka ba, idon dama ne ke ɗauke da aikin duka. Da muka auna, ƙarfin ruwan idon hagu ya kai 34, alhali na mai lafiya yakan tsaya tsakanin 10 da 21, jijiyar gani kuma ta riga ta lalace sosai. Hawan jinin ido ne. Ciwo ne da yawanci ba ya zafi, yana cin gani daga gefe, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano shi ne na biyu wajen makantar da mutane, bayan yanar ido, kuma mutum biyar cikin ɗari na waɗanda suka kai 40 suna da shi. Shekarun da ake fara neman tabaran karatu ke nan daidai.

Alamar tana cikin ledarsa tun farko. Tsufan ido a hankali yake tafiya, ba ya tsallake daga +1.50 zuwa +3.50 cikin shekara biyu. Duk wanda yake ta canza lamba gani bai gyaru ba, wani abu ne daban ke damunsa. Haka mai ciwon suga, wanda ganinsa ke sauyawa da hawa da saukar sugan, da wanda aka taɓa makancewa a danginsa ba a san dalili ba.

Shawarata ita ce a koya wa masu tire tambaya biyu kafin su karɓi kuɗi: rufe ido ɗaya, kana iya karanta allon shagon can? To ɗayan fa? Wanda ya kasa, a tura shi asibitin ido. Telan nan yanzu yana ɗiga magani kullum don a tsare masa idon dama, kuma da +1.75 yake ɗinki.