Yadda Za Mu Haɗa Ruwan Bilic a Tankin Feshi

Yau maganarmu kan feshin bayan gida ne, domin a nan Aboabo da Asawase gida ɗaya mutum da yawa ke haɗa makewayi, kuma da damina kwalara ba ta nisa.

Kafin komai, mu duba jikin kwalbar bilic. Idan an rubuta 5%, awo ɗaya na bilic ne, awo tara na ruwa. A nan ake yawan ruɗewa. Ɗaya da tara goma ke nan, saboda haka tankin za mu raba gida goma, ba tara ba. Tankin goyo mai lita 15 zai ci bilic lita ɗaya da rabi, wato cikin babbar robar Voltic guda, da ruwa lita 13 da rabi. Mu fara zuba ruwa rabin tanki, mu zuba bilic, sannan mu cika zuwa layin 15.

Idan kwalbar 3.5% ce, ba ta da ƙarfi haka: ɗaya da shida ne, bilic lita 2, ruwa lita 12, mu tsaya a lita 14.

Ruwa mai laka yana cinye ƙarfin maganin, haka ma ƙazantar da ba a wanke ba. A wanke tukuna, a fesa, a bar shi minti goma. Haɗin jiya a zubar, a yi sabo. Tankin da aka taɓa sa wa maganin ciyawa bai dace ba. Kada a gauraya bilic da wani maganin wanke masai, iskar da ke tashi tana shaƙe mutum. Wannan haɗin ba na sha ba ne, ba na wanke hannu ba. A ajiye nesa da yara.