Rahoton da baƙo zai karanta ya gane

Yau maganarmu a kan rahoton da zai fita daga ƙungiya ne, ya je hannun wanda bai taɓa zama a tabarmarmu ba, kamar ma'aikacin kamfanin inshora ko na takaful, ko na banki.

Mu a nan idan aka ce "hatimi biyar", kowa ta san an sayi hannun jari biyar. Idan aka ce "rabo ya kusa", an san zagayen tanadi ne zai ƙare. Shi kuwa ma'aikacin inshora yana can ofis a birni, takarda ce kawai a gabansa. In ya ci karo da kalmar da bai gane ba, ko dai ya mayar da takardar a yi ta jira, ko kuma ya yi mata fassarar kansa. Na biyun nan ya fi ba ni tsoro, domin da fassarar tasa zai yanke hukuncin biya ko ƙin biya.

Mu ɗauki misali. A ce ƙungiya ta yi wa kuɗin akwatinta inshora, sai ɓarayi suka shiga da dare suka ɗauke akwatin. Marubuciya ta rubuta haka: "An sace akwatin VSLA a gidan ma'aji bayan taro na 31. LF 185,000, SF 22,000. KH uku sun shaida. VA ta sanar da FO."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma jami'ar da ta horar da ku za ta gane shi tsaf. Amma ku ƙirga taƙaitattun haruffa nawa ne: guda shida a layi uku. Haruffan farko ne na sunayen Turanci da ƙungiyoyin agaji ke amfani da su, ba kowane ofis ya san su ba. Dokar mai sauƙi ce. Karon farko da za a ambaci abu, a rubuta cikakken sunansa da abin da yake nufi, sannan a sa haruffan a gefe. VSLA ita ce ƙungiyar tanadi da lamuni ta ƙauye. LF asusun lamuni ne, SF asusun taimako. In abu sau ɗaya kawai zai fito a rahoton, to ku bar haruffan ma gaba ɗaya, ba su da aikin yi.

Sai dai faɗin sunan kaɗai ba ya isarwa, kuma nan nake so ku ba ni kunne. Kamfanin zai nemi ganin littafin ƙungiya. A littafin zai ga asusun lamuni ya kai naira 420,000, a rahoto kuma kun ce 185,000. Me zai zo masa a rai? Zai ce lissafi bai daidaita ba, akwai wata a ƙasa. Alhali dalilin a fili yake gare mu: naira 235,000 tana hannun mambobi a matsayin bashi, ba ta cikin akwati daren da aka yi satar. To a rubuta hakan ƙarara: "Asusun lamuni shi ne kuɗin da mambobi suka tara, wanda ake ba su rance daga ciki. Jimillarsa naira 420,000. Daga ciki 235,000 tana waje a hannun masu bashi, 185,000 ce ke cikin akwati." Sai a ƙara da cewa asusun taimako gudummawa ce da kowa ke zubawa a kowane taro saboda rashin lafiya, gobara ko rasuwa, ana ajiye shi a jakarsa daban a cikin akwatin, kuma naira 22,000 ce a ciki. Sannan a haɗa masa lissafin, kada a bar shi ya haɗa da kansa: abin da aka sace naira 207,000 ne.

Yanzu muƙamai. Kalmar "ma'aji" a rahoton nan tana iya jawo wa baiwar Allah zargin da ba ta ji ba ba ta gani ba. A ofis, ma'aji shi ne mai karɓar kuɗi da fitar da su. A tsarinmu ba haka ba ne. Mai akwati tana ajiye shi ne a gidanta daga taro zuwa taro, amma ba ta iya buɗe shi. Kwaɗo uku ne a jiki, makullan suna hannun mata uku daban, waɗanda su ne aka taƙaita da KH, kuma ba a buɗewa sai a gaban taro. Saboda haka ku rubuta "mai ajiye akwati", ku biyo da jimla ɗaya da ke faɗin aikinta da abin da ba ta da iko a kai. Haka masu ƙirga kuɗi su biyu: ku ce su ne suka ƙirga kuɗin a bainar jama'a a taron ƙarshe, aka sanar da adadin kafin a kulle. Wannan ce shaidarku cewa 207,000 ɗin tana ciki da gaske.

VA kuma wakiliyar ƙauye ce mai horar da ƙungiyoyi, FO jami'in ƙungiyar agaji ne mai zagayowa duba aiki. Ku faɗi cewa ba sa riƙe kuɗi ko makulli, kuma labari aka ba su, ba a idonsu aka yi ba. Mai bincike yana so ya bambance wanda ya gani da wanda ya ji. Kuma da zarar kun kira mace "mai ajiye akwati" a farko, kada a ƙasa ta koma "ma'aji" ko "uwar adashi", sai ya ɗauka mutum uku ne.

"Taro na 31" ba kwanan wata ba ne a wurinsa, haka ma "mako biyu bayan Sallah". Ku sa rana da wata da shekara, domin da shi zai duba ko inshorar tana aiki a ranar, kuma ko kun sanar cikin wa'adin da yarjejeniya ta gindaya.

Akwai iyaka kuma. Kalmominku kuke fassarawa, ba nasu za ku ara ba. A takardun inshora, satar da aka ɓalle ƙofa, da fashi da makami, da ɓacewar kaya, ba lallai hukuncinsu ya zama ɗaya ba. Kada ku zaɓi kalma don ta fi kama da ta ofis. Ku rubuta abin da ido ya gani: an tarar da ƙofar ɗaki a ɓalle da asuba, akwati ba ya nan, an kai rahoto ofishin 'yan sanda a rana kaza. In akwai kalma a fom ɗinsu da ba ku gane ba, ku tambayi wakilinsu ya yi muku bayani kafin a sa hannu ko a dangwala yatsa. Haƙƙinku ne, ba abin kunya ba ne.

Kafin a aika, ku ba wani amintacce da ba ya cikin ƙungiya ya karanta, kamar malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti. Kada ku yi mata bayanin komai da baki. In ta gama ku tambaye ta: nawa aka sace, yaushe, wa ke da makulli? Duk inda ta tsaya ta ce "wannan fa?", marubuciya ta ja layi a ƙarƙashi, ta ƙara jimlar bayani a wurin. Ku ajiye kwafin rahoton da aka gyara, amma ba a cikin akwatin kuɗi ba.

Yanzu kowace ƙungiya ta fito da littafinta, ku buɗe shafin taron da ya wuce, mu tsamo kalmomin da baƙo ba zai gane ba.