Rijiyoyi Ashirin a Cikin Jadawali



Ƙananan hukumomi 774 ne a Najeriya, kuma kowane wata kwamitin rabon arzikin ƙasa, wato FAAC, yana fitar da kason kowacce, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuma tana wallafa alƙaluman. Da yawanmu 'yan jarida a nan muke tsayawa: mu ɗauko adadin, mu buga kanun labari cewa ƙaramar hukuma kaza ta karɓi miliyan kaza ba ta yi komai ba. To, a yi hattara. Shekara da shekaru kuɗin nan ta asusun haɗin gwiwa na jiha yake bi, a cire albashin malaman firamare da sauransu kafin ragowar ya isa sakatariya. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, amma hukunci daban, shigar kuɗi asusu daban. Saboda haka ni na fi son jadawalin kashe kuɗi, wanda ke jera abin da aka ware kusa da abin da aka kashe.

Mu ƙaddara wata ƙaramar hukuma, alƙaluman nan na misali ne. A ƙarƙashin `Approved Budget` an ware naira miliyan 120 don haƙa rijiyoyin burtsatse 20, ke nan kowace ɗaya miliyan 6. A tsakiyar shekara aka yi wa kasafin kwaskwarima, `Revised Budget` ya dawo miliyan 90. Rahoton zango na farko ya nuna an kashe miliyan 15, na biyu 36, na uku 54.

Mai gaggawa zai tara ukun nan, ya sami miliyan 105, ya ce an kashe fiye da abin da majalisa ta amince da shi. Ni kaina na taɓa yin irin wannan, har na fara rubuta kanun labari, Allah Ya taimake ni wani akanta da na kira ya ce, "Malam, ɗaga kanka ka karanta saman layin." Abin da ke rubuce shi ne `Year to Date`, ma'ana jimillar abin da aka kashe tun daga Janairu. Miliyan 54 ɗin ta riga ta haɗiye 36, ita ma ta haɗiye 15. Idan abin da aka kashe a zango na uku kaɗai kake so, ragi za ka yi, a ce 54 na F12, 36 kuma na E12:

```
=F12-E12
```

Amsar miliyan 18 ce. Tun da muna maganar saman layi, a duba ko an rubuta `N'000`. Idan an rubuta, 54,000 da ka gani miliyan 54 ce, ba dubu 54 ba.

Yanzu ina labarin? Miliyan 54 kashi 60 cikin ɗari ce ta sabon kasafi, amma kashi 45 ce ta na asali. Jami'in yaɗa labarai zai ba ka 60, ɗan adawa zai ba ka 45, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kai sai ka faɗa wa mai karatu duka biyun, ka tambayi inda aka mayar da miliyan 30 da aka zabtare. A tsarin lambobin kasafi na ƙasa, ayyukan raya ƙasa da 23 suke farawa, kuɗin gudanarwa irin su tafiye-tafiye da man fetur da 22. Tace jadawalin da lambobin nan biyu. Idan ka tarar kuɗin tafiye-tafiye ya ƙaru a kwaskwarimar da ta rage na ruwa, ka sami bakin zaren.

Sai dai jadawali ba ya kawo ruwa. Raba miliyan 54 da miliyan 6, ka sami rijiyoyi 9, sannan ka hau babur ka je ka ƙirga. Ka tambayi mai unguwa yaushe aka haƙa, ka danna famfon da hannunka, ka dubi yaran da ke jere da jarkoki. In ka tarar da 4 kacal, kada ka yi saurin rubuta kalmar sata. Wataƙila an biya ɗan kwangila kuɗin somin aiki, wataƙila bashin bara aka biya, wataƙila farashin bututu da dizal ya tashi. Kowanne daga cikinsu yana da takarda. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙata, ko da yake a aikace wasiƙar kan kwana a tebur. Rubuta ka nemi takardar kwangila da shaidar biya, ka ambaci lambar layin da adadin, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kwafinka.

Kafin ka miƙa wa edita, ba wani abokin aiki ainihin fayil ɗin da ka sauke, wanda ba ka taɓa komai a cikinsa ba, ya sake lissafin ba tare da ka gaya masa amsarka ba.