Sharhi: Yaushe aka haifi wannan shafin?

Masu sauraro, kafin ku tura kuɗi ga wani shafin intanet da ya yi muku alkawarin riba ko aikin yi, ku fara duba shekarunsa. Kowane sunan shafi yana da ranar da aka yi masa rajista, kuma galibi ana iya ganinta kyauta ta binciken WHOIS.

Ku shiga lookup.icann.org, ku rubuta ainihin sunan shafin, ba dogon adireshin duka ba. Ku nemi layin da aka rubuta Created, ko Creation Date. Layin Updated kada ya ruɗe ku, wannan ranar gyara ce kawai. Gwada google.com zai nuna muku shekarar 1997.

To, a ce an turo muku shafin da ke cewa ya shekara goma yana biyan masu zuba jari, sai WHOIS ya nuna makonni uku ke nan da yi masa rajista. Ƙarya ta fito fili. 'Yan damfara sabon suna suke saye da kuɗi kaɗan, su kwashi na mutane, da an fara ƙorafi su yar da shi su sayi wani. Shi ya sa shafukansu ba sa tsufa. Abin takaici, kuɗin sadaki da na makaranta ake rasawa a haka.

Sai dai tsufa ba shaidar gaskiya ba ce, domin ɓarawo kan sayi tsohon suna daga hannun mai shi, ranar farko ta zauna yadda take. Idan kuna shakka, ku sa sunan a web.archive.org ku ga abin da shafin yake sayarwa bara.