Kumburi da Haki Bayan Haihuwa: Ba Kullum ne Gajiyar Jego Ba

 

Maganar da aka ba ni yau ita ce wani ciwon zuciya da ke kama mai jego. Likitoci suna ce masa ferifatum kadiyomayofati, mu dai mu kira shi raunin zuciya na bayan haihuwa. Yana zuwa ne daga watan ƙarshe na ciki har zuwa kamar wata biyar bayan an sauka, kuma ya fi bayyana a makonnin farko, wato cikin arba'in. Ya shafe mu ƙwarai, domin ƙasar Hausa tana cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa, kuma binciken da aka yi a Zariya da Sakkwato ya nuna yana iya samun mace ɗaya cikin kamar haihuwa ɗari.

To, me ke faruwa a jiki? Zuciya tsoka ce, aikinta ta cika da jini ta matse ta tura. Mu ɗauka kwano ne mai cin ludayi 100. Lafiyayyar zuciya ba ta juye kwanon duka, a kowane bugu tana tura kamar ludayi 55 zuwa 65. Idan wannan ciwo ya zo, tsokar ta saki kamar robar siket da ta gaji, sai ta koma tura ƙasa da 45, wani lokaci 30 ko 20. Wanda bai fita ba sai ya taru a baya. Ruwa ya kwanta a huhu, shi ne haki da tari. Ya kwanta a ƙafa da ciki, shi ne kumburi. Wannan lamba ita ce ake rubutawa EF a takardar hoton zuciya, wanda ake kira eko. Ku riƙe ta, don duk maganar da za ta biyo baya a kanta take.

Me ya sa sai bayan haihuwa? Na farko, mai ciki jininta yana ƙaruwa da kusan rabi, zuciya ta yi wata da watanni tana jan wannan kaya. Da an haihu mahaifa ta tsuke, jinin da ke cikinta ya dawo jiki, ruwan da ya taru a ƙafa shi ma ya dawo cikin jijiya. Ke nan lokacin da muke cewa an sauke kaya, ita zuciya lokacin aka ƙara mata. Na biyu, a ƙarshen ciki mabiyiya tana sakin wasu sinadarai masu takura ƙananan jijiyoyin jini, kuma sun fi yawa ga mai tagwaye da wadda jininta ya hau da ciki. Na uku, sinadarin da ke kawo ruwan nono, furolaktin, a jikin wasu matan yana gutsurewa, guntun ya riƙa lalata ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciya. Wasu kuma akwai gado a ciki, shi ya sa likita zai tambaya ko akwai mai ciwon zuciya a dangi.

Na san tambayar da ke bakin iyayenmu: kunun kanwa da wankan jego fa? Likitocin Zariya na da sun ɗora laifin a kansu, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta a asibitocin Nijeriya bai samu cewa su ne tushen ciwon ba. Abin da ya fi fitowa shi ne rama, da hawan jini na ciki, da rashin hali. An kuma ga yawancin masu ciwon suna da ƙarancin wani sinadarin abinci mai suna seleniyam. Amma a lura: kanwa 'yar uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Ko ba ita ta kawo ciwon ba, zuciyar da ta riga ta raunana kanwa nauyi take ƙara mata, tafasasshen ruwa kuma ya sa ta ƙara gudu. Wadda aka samu da ciwon, kunun kanwa ya ƙare mata.

Bari in kawo misali, don a ga yadda abin yake tafiya. A ce yarinya ce 'yar shekara 24, haihuwarta ta uku, jininta ya hau a watan takwas. Ta sauka lafiya, an yi suna. Sati uku bayan haka ta fara haki idan ta ɗebo ruwa. Kwana kaɗan, ko shanya ta yi sai ta zauna. Da dare ba ta iya kwanciya miƙe, sai ta tara filo uku, ko ta farka tsakar dare numfashi ya ɗauke ta nemi bakin taga. Ƙafa ta kumbura, ki danna da yatsa ramin ya zauna. A gida za a ce jego ne, ko sanyi ya shige ta, a ƙara mata ruwan zafi. To ga yadda ake bambancewa. Kumburin ciki na yau da kullum raguwa yake yi cikin sati ɗaya zuwa biyu bayan haihuwa, gajiyar jego ma kullum sauƙi take yi. Wanda ke ƙaruwa, ga haki, ga kasa kwanciya miƙe, wannan na asibiti ne a ranar. Idan kuwa tana haki a zaune, ko tari da kumfa, ko ta suma, ko ɓarin jiki ya mutu, ba a jiran gari ya waye.

A asibiti za a auna jini, a duba ko ƙarancin jini ne, don shi ma yana kawo haki. Amma eko ne ke tabbatar da ciwon. Ba allura, ba ciwo, irin hoton da ake yi wa ciki ne, sai dai a ƙirji. Mu ce nata ya nuna 30.

Magani iri biyu ne, kuma a nan mutane ke tuntuɓe. Akwai mai fitar da ruwa, furosamayid, wanda muka fi sani da lasis. Shi ke sa fitsari, cikin kwanaki kumburi ya saɓe, numfashi ya dawo. Akwai kuma masu gyaran tsokar kanta, irin su enalafiril da kabedilol da sifironolakton. Su ba a jin aikinsu nan take, ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa, aikinsu na watanni ne. Sai mace ta ga ƙafa ta koma daidai ta ce ta warke, ta ajiye magani, alhali ruwan ne kawai ya fita, zuciyar tana nan a 30. Bayan 'yan makonni a dawo da ita ta fi da. Idan lambar ta yi ƙasa sosai, likita kan ƙara maganin hana daskarewar jini, domin jini na iya dunƙulewa a zuciyar da ba ta turawa, ya ɓalle ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Akwai kuma buromokiriftin mai tsayar da furolaktin, ana ba wasu da ciwon ya yi wa tsanani. Shi yana ƙafar da nono, don haka likita yake aunawa da halin gidan, ko za a iya madara da ruwa mai tsabta. Ba maganin da za a saya a kemis ba ne. Yawancin mata suna ci gaba da shayarwa, ana zaɓar musu magungunan da ba sa cutar da jariri.

A gida aikin kaɗan ne. A rage gishiri da dunƙule, a bar kanwa. A guji maganin ciwon jiki irin ibufurofin da dikulofenak, suna riƙe ruwa. Mu da muke da sikeli a rumfa, ta riƙa hawa kowace safiya: ƙarin kilo 2 cikin kwana uku ruwa ne yake dawowa, sai a koma wurin likita. Idan an ce a yi gwajin ƙoda, a yi, don da shi ake daidaita maganin. Ita kuma a ɗauke mata daka da ɗiban ruwa.

Bayan wata shida za a maimaita eko. Mu ce ta kai 42. Ta samu sauƙi, amma da saura. Wasu suna warkewa cikin wata shida, wasu sai shekara ɗaya ko biyu, wasu zuciyar ba ta komawa daidai, kuma ciwon yana kisa idan aka yi sakaci. Ko lambar ta dawo, likita ne kaɗai ke rage magani, a hankali.

Yanzu maganar da ta fi nauyi: wani cikin. Lambar da ake dubawa ita ce 50. Idan zuciya ba ta kai 50 ba, shawarar likitoci kada a sake ɗaukar ciki, domin haɗarin ciwon ya tsananta ko a rasa uwar babba ne. Idan ta haura 50, haɗarin ya ragu sosai amma bai tafi ba: kamar ɗaya cikin biyar ciwon yana dawo mata. Wadda ta warke kuma suka yanke shawarar ƙara haihuwa, sai ta ga likita kafin cikin ya shiga, ba bayan ya shiga ba. Dalili shi ne enalafiril da sifironolakton ba a shan su da ciki, na farkon yana lalata ƙodar jariri. Za a janye su, a jira watanni, a sake eko a ga ko zuciyar za ta tsaya da ƙafarta. Idan ciki ya samu, awo da wuri, eko lokaci zuwa lokaci, haihuwa a babban asibiti mai likitan zuciya, a kuma ci gaba da dubawa bayan an sauka.

Kafin nan dole a yi tazara, kuma shayarwa kaɗai ba abin dogaro ba ce. Ƙwayar tazara mai haɗin sinadari biyu ba ta dace da ita ba, tana ƙara haɗarin daskarewar jini. Wanda aka fi ba su shi ne ashanar hannu ko robar mahaifa. Duk inda ta je karɓa, ta faɗa musu tana da ciwon zuciya.

Mazajenmu da surukanmu, wannan shawara ba ta yiwuwa sai da ku. Maigida ya raka ta ranar da za a karanta takardar eko, ya ji lambar da kunnensa, don kada a ce ita ce ba ta son haihuwa. Mu kuma idan mun je barka, bayan mun ɗauki jariri, mu dubi ƙafar uwar, mu tambaye ta filo nawa take kwana a kai.

Allah Ya raya mana 'ya'yanmu, Ya ba masu jego lafiya.